Layin da Alhaji Ya Sa Aka Goge

A gonar Alhaji Abdulmumini da ke Falgore akwai wata tsamiya da tsawa ta raba biyu tun muna yara. Ɓarin gabas ya bushe ƙayau, ko gara ba ta kula shi, ɓarin yamma kuwa yana 'ya'ya duk shekara. Kakanmu ne ya sare wannan gona. Ni ɗan 'yarsa ne, Alhaji ɗan ɗansa, saboda haka shi abokin wasana ne, kuma gonar ta faɗo a rabonsa. Shekara talatin ina ɗinka masa bakin buhu a sitonsa na Rogo, da damina kuma ina tsaya masa a kan 'yan ƙwadago a gonar.

Alhaji dillalin riɗi ne. Yana tarawa daga ƙauyuka, ya kai kasuwar Dawanau a Kano, ya sayar wa masu fitarwa waje. A wata Umara ya haɗu da wani Baturke mai suna Kemal, wanda mu muke kira Alhaji Kamalu. Zazzaɓi ya kayar da Alhaji a masauki, Baturken ya kai shi asibiti, ya zauna da shi kwana biyu. Da aka zo hira sai ga shi riɗi yake saye, yana sayar wa masu yin alewa a ƙasarsu. Tun daga nan Alhaji ya yi rajistar kamfani, ya karɓi takardar izinin fitar da kaya, ya buɗe asusun dala a wani banki a Kano. Ya kuma sa aka sassaƙa masa hatimi mai hoton rana, wanda yake ajiyewa cikin safa a aljihun babbar riga.

Bayan an kakkaɓe riɗi a wannan kakar, Alhaji Kamalu ya aiko yana son kwantena biyu, tan talatin da takwas. Ya ce a tura masa furofoma, in ya gani zai turo kafin alƙalami, kashi talatin cikin ɗari.

Mai yi wa Alhaji takardu 'yarsa ce, Sadiƙa. Tana aure a Karaye, tana da shagon buga takardu a bakin titi, kuma ta taɓa aiki shekara biyu a ofishin wasu masu fitar da zoɓo a Kano. Muka hau mota da hantsi, ni ina riƙe da ledar samfur.

Bayan gaisuwa ta juyo mana da fuskar kwamfuta. Ta ce takardu biyu ne. Ta farko ita ce furofoma, takardar da ke gaya wa mai saye abin da zai samu, da farashi, da yadda zai biya, tun kafin a ɗaga buhu ɗaya. Da ita zai je bankinsa ya turo kuɗi, da ita mu ma za mu buɗe fom ɗin fitar da kaya a namu bankin. Ta biyu gajeriyar wasiƙa ce da ke raka ta. Da Turanci ta rubuta, sai ta riƙa karantawa tana mayar mana da Hausa.

Wasiƙar ta fara da gaisuwa. Sannan ta ce ga furofoma mai lamba kaza a haɗe, ta farin riɗi tan talatin da takwas, gyararre, a buhuna masu kilo hamsin. Farashin na kaya ne har a ɗora su a jirgi a Legas. Ya ƙunshi riɗin, da gyara, da buhu, da mota zuwa Legas, da takardar lafiyar kaya, da duk abin da ake biya kafin kaya su fita Nijeriya. Bai ƙunshi kuɗin jirgin ruwa ba, da inshora, da kwastan na can, waɗannan na mai saye ne. Za a loda cikin kwana arba'in da biyar bayan kafin alƙalami ya shigo, a biya sauran idan an ga kwafin takardar jirgi.

"Sai layi na ƙarshe," in ji ta. "Wannan farashi yana aiki kwana goma sha huɗu daga yau. In kafin alƙalami bai shigo ba a cikinsu, sai an sake sabuwar takarda."

Alhaji ya cire tabarau. "Sake karanta wannan."

Ta sake.

"Wato in gaya wa mutumin da ya riƙe mini robar ƙarin ruwa cewa maganata tana ruɓewa bayan mako biyu."

"Baba, kowa haka yake rubutawa. Shi ma haka yake rubuta wa mutanensa. In bai gani ba ma zai yi mamaki."

"Ni ba kowa ba ne. Sulle, gaya mata labarin Baba da mutumin Katsina."

Na san labarin, duk Rogo an san shi. Mahaifin Alhaji ya taɓa sallama wa wani Bakatsine buhun gyaɗa ashirin, mutumin ya ce bari ya je ya kawo kuɗi. Wata bakwai bai dawo ba. Gyaɗa ta yi tsada, masu saye suka yi ta sintiri, tsohon ya hana a taɓa. Ranar da Bakatsinen ya dawo, ashe karaya ya yi a hanya, aka ba shi kayansa a farashin farko. Abin da na fi tunawa ni shi ne wata kyanwa da ta haihu sau biyu a kan buhunan kafin ya dawo. Na faɗi wannan ma.

"Ka ji shi," in ji Alhaji. "Ana maganar mutunci yana maganar mage."

Sadiƙa ba ta yi dariya ba. "Baba, gyaɗar Kaka tana cikin ɗakinsa, a hannunsa take. Kai buhu nawa ne a sito yau?"

"Ɗari biyu."

"Ɗari bakwai da sittin ake so. Sauran da kuɗinsa za ka saya, a farashin ranar da kuɗin suka zo. Ba ka san ranar ba, ba ka san farashin ba, ba ka san inda dala za ta kwana ba. A mayar da shi kwana talatin."

"A'a."

"Sittin."

"Sadiƙa, ciniki muke yi da ke? Na sallama masa ta waya. Tunda nake ban taɓa cewa na sallama sannan na ɗaura wa maganar igiya ba. Goge shi. Ki goge wancan ma na bai ƙunshi kaza ba, bai ƙunshi kaza ba. Kamar mai rowar miya."

Ta ɗauke hannu daga kan kwamfutar ta ɗora a cinya. Tun tana ƙarama haka take yi in ta kafe.

"Ɗaya zan goge, Baba, don kai ka haife ni. In biyu ne, akwai wani shagon a tsallake."

Ya daɗe yana kallonta. Wata tsaka tana manne a jikin kalandar shagon, daidai kan watan da muke ciki, ni ita nake kallo.

"Bar na miyar," in ji shi. "Goge na ranar."

Ta goge shi a wasiƙar, ta goge shi a furofomar. Na ga haruffan suna komawa baya ɗaya bayan ɗaya har wurin ya yi fari, ban kuma ga inda suka tafi ba. Ta buga, Alhaji ya zaro hatimi daga safa ya huhhura shi ya danna, ya sa hannu. Ta ɗauki hoton takardun da na'ura ta tura. Har yau abin yana ba ni mamaki, a ce takarda ta isa bayan teku ga ta kuma a kan tebur ba ta motsa ba.

Alhaji Kamalu ya amsa da kalma biyu ta godiya. Daga nan shiru.

Mako biyu suka wuce, wata ya wuce. Alhaji ya aika gaisuwa sau biyu, aka amsa gaisuwar, ba a ambaci riɗi ba, shi kuma ya ce ba zai tambaya ba don kada a ce yana roƙo. Sadiƙa ta yi waya ta ce a bari ta rubuta cewa an janye waccan takardar, layi biyu ne kawai. Ya ce janyewa ta fi sa rana muni.

A wata na biyu manoman da suka ba shi riɗi bashi suka fara zuwa ƙofar sito suna zama, ba sa cewa komai sai gaisuwa mai tsawo. Ya kai buhu ɗari biyun Dawanau ya sayar ya sallame su. Ya ce in kuɗin Alhaji Kamalu sun zo ai riɗi bai ƙare a duniya ba. Sito ya zama fayau, wata kaza ta mayar da farantin sikeli wurin ƙwai, na hana a kore ta.

Wata uku da kwana tara bayan an goge layin, muna zaune bayan azahar, wayar Alhaji ta yi ƙara. Saƙon banki ne. Ya miƙa hannu da wayar nesa da fuskarsa yana karantawa, sai ya yi hamdala.

"Ka gani, Sulle? Bakatsine ya dawo."

Na taya shi murna, amma na san abin da shi ma ya sani. Riɗi ya ƙare a hannun manoma, ya koma rumbunan masu ajiya, kuɗin buhu ya ƙaru da wajen rabi. Kuɗin tirela zuwa Legas ya hau. Dala kuma, wadda kowa ya ɗauka sama kawai ta sani, a 'yan makonnin nan ta yi ƙasa.

Washegari Sadiƙa ta zo Rogo da kanta, da goyo a baya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaishe ni, sannan ta zauna a kan buhun wofi ta buɗe littafi. Ba ta daɗe tana rubutu ba. Ta juya masa littafin ta ɗora yatsa a ƙasan shafi.

"Wannan shi ne abin da zai fita daga jikinka in ka loda a tsohon farashi, bayan ya biya ka duka."

Ya duba, ya mayar da tabarau aljihu. "Me na mallaka da ya kai wannan?"

Duk mun san amsar. Gidan da yake ciki bai kai ba, siton haya ne. Gonar Falgore ce kaɗai.

"Akwai hanya, Baba," in ji ta. "Furofoma tayi ce. Wata uku ya yi yawa ga kayan da farashinsu ke canjawa kullum, ko ba a rubuta rana ba. Kada ka taɓa kuɗin. Mu rubuta masa yau mu ce farashi ya canja, ga sabuwar takarda, in bai yarda ba banki ya mayar masa da abinsa. Zai yi fushi, zai ce ba rana a takardarmu, za a ja magana. Da layin yana nan da ba abin ja. Amma ko yanzu ba a ɗaure kake ba."

"Kira shi," in ji Alhaji. "In ji daga bakinsa."

Ta kira ta waya mai hoto. Na ga Alhaji Kamalu a karon farko, farin tsoho mai gashin baki, bayansa akwai agogon bango da ba ya tafiya. Suka gaisa da Larabcin Umara, sannan Sadiƙa ta karɓa da Turanci tana fassarawa.

Ya ba da haƙurin jinkiri, ya ce bankinsa ne ya riƙe shi. Da ta gaya masa halin kasuwa sai fuskarsa ta canja. Ya ce kafin ya turo kuɗin ya duba takardar sama da ƙasa yana neman rana bai gani ba. Akawunsa ya ce a tambaya, shi ya ce ba sai an tambaya ba, ɗan'uwansa Abdulmumini ya gaya masa a Makka cewa a garinsu magana ba ta tsufa. A kan wannan farashin ya riga ya sa hannu da masu alewa, in bai kai musu ba akwai tara a kansa. Ya ce da an rubuta kwana goma sha huɗu da ya nemi sabuwar takarda kafin ya sa hannu, ba abin jin haushi a ciki, haka ake yi.

Sadiƙa ta fassara wannan jimlar ta ƙarshe tana kallon ƙasa.

Sai wani saurayi ya leƙo ta gefen hoton, akawun ne, ya ce tunda abota ce yana ɗauka kuɗin jirgi da inshora ma suna ciki. Sadiƙa ba ta jira mahaifinta ba, ta karanta masa layin da ya ce ba su ciki. Alhaji Kamalu ya ɗaga hannu ya ce gaskiya ne, a rubuce yake, wannan nasu ne.

"Baba, me zan ce masa?"

"Ce masa za a loda."

"Baba."

"Ni na gaya masa haka a Makka. Da bakina. Ya sa hannunsa a wuta saboda maganata, in ce masa wasa nake?"

"To ku raba asarar. Ka nemi ya ƙara ko kaɗan ne."

"Ce masa za a loda, Sadiƙa."

Ta faɗa. Da aka kashe wayar ta gyara goyonta, ta rufe littafin ta bar shi a kan sikeli kusa da kazar. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce mini, "Baba Sulle, da na tsallaka da ku wancan shagon." Na ce da can ma biyun za su goge. Ta ce ta sani, amma da ba hannunta ba ne.

Mai kuɗin sayen gona irin wannan a lokaci ɗaya mutum guda ne a yankinmu, Kabir mai taki. Yaro ne a kanmu, Alhaji ne ya fara ba shi jari. Muka same shi a gonar, ya zaga ta a kan babur, ya dawo ya tsaya ƙarƙashin tsamiya ya cire hula ya gaishe mu da ladabi. Ya taya. Alhaji ya ce albarka. Ya ƙara kaɗan, ya ce iyakarsa ke nan.

"Bari in yi shawara da 'yan'uwa," in ji Alhaji.

"Ba laifi, Baba Alhaji. Sai dai wannan tayin na kwana uku ne. In ya wuce Alhamis kuɗin zan sa su a taki, ka san yadda kasuwa take yanzu. Ba raini ba ne."

Na kalli Alhaji. Na ɗauka zai yi faɗa. Ya tsinki busasshiyar tsamiya ɗaya ya ɓare ta, bai sa a baki ba.

"Ba raini ba ne," in ji shi. "Haka ake yi."

Ranar Laraba ya sallama, a gaban mai unguwa da shaidu. Na sa hannu a cikin shaidun, da ajami, don shi na fi iyawa.

Muka sayi riɗi a Dawanau da tsadarsa, aka gyara shi a injin can. Na ce ni zan duba ɗinkin kowane buhu, na duba ɗari bakwai da sittin, na sake ɗinke goma sha ɗaya. Sadiƙa ta bi takardun banki da na masu duba kaya har suka fito, ba ta ƙara tayar da maganar ba. Tirela ta tashi, kaya suka hau jirgi a rana ta arba'in da ɗaya. Alhaji Kamalu ya biya sauran kuɗinsa cif, ya biya jirginsa da inshorarsa. Da waɗannan ma sun hau kan Alhaji, da gidan ya bi gonar.

Da ruwan farko ya sauka na tashi da asuba na ɗauki fartanya kamar kowace shekara, sai da na kai bakin tasha na tuna an sayar da gonar. Na hau mota duk da haka. Kabir ya sa an sare ɓarin tsamiyar da ya bushe an yi itace, ya ce yana tare wa tarakta hanya. Ba a yi wata ba ɗaya ɓarin ya kwanta shi ma. Ashe busasshen ne yake tokare da shi. Ban gaya wa Alhaji ba, amma wani ya gaya masa.

Da kaka ta zagayo Alhaji Kamalu ya aiko da yabo, ya ce masu alewa sun ji daɗin kayan, yana son kwantena uku, a turo furofoma. Sadiƙa ta bugo takardun ta kawo Rogo. Alhaji ya rame, yanzu a kan tabarma yake wuni a ƙofar gida, siton ma ya mayar wa mai shi. Ta karanta masa wasiƙar tun daga gaisuwa har layin ƙarshe, kwana goma sha huɗu.

"Ya yi," in ji shi.

"In kawo hatimi?"

Ya sa hannu a aljihu ya zaro safar, ya juya ta a hannunsa. "Da me zan sayi buhun farko kafin nasa ya zo? Manoma ba za su ba ni riɗi a kan magana ba yanzu. Da suna ba ni ne suna kallon gona a bayana."

"Sai mu jira kafin alƙalamin."

"Kashi talatin ba ya cika kwantena uku." Ya miƙa mata safar da hatimin a ciki. "Rubuta masa ki ce bana ba mu da hali. Ki gaishe shi da kyau. Wannan kuma ki ajiye a shagonki, ya fi aljihuna tsaro."

Ta karɓa da hannu biyu ta sa a jaka. Takardun ta bar su a kan tabarma, ta shiga cikin gida gaida mahaifiyarta. Alhaji ya ɗauki wasiƙar ya kawo ta kusa da idonsa.

"Sulle, ina layin yake?"

Ba na karanta Turanci, amma na san lamba. Na ɗora masa yatsa a kan goma sha huɗun. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Ɗan ƙarami ne ashe," in ji shi.

Ya ninke takardar ya sa ƙarƙashin tabarma, ya ce in miƙo masa buta, la'asar ta yi.